Daga “je veux” zuwa “je voudrais”: yadda ake sassauta roƙo a Faransanci

Wani ɗalibi ya taɓa nuna mini saƙon da yake shirin aika wa ofishin rajista na makarantarsu, domin in duba masa kafin ya tura. Ga abin da ya rubuta: *Bonjour. Je veux mon relevé de notes. Envoyez-le-moi avant vendredi, s'il vous plaît.* Na karanta sau biyu ban ga kuskuren nahawu ko ɗaya ba, amma na ce masa kada ya tura. Yaron mai ladabi ne, irin wanda ba ya wuce babba bai rusuna ba, kuma a ransa abin da ya faɗa shi ne, “Ina son takardar sakamakona, don Allah a aiko mini kafin Juma'a.” Abin da ma'aikaciyar ofishin za ta ji kuwa ya fi kusa da, “Sai an ba ni takardata. Ku aiko kafin Juma'a.”

Hausarmu ce ta yaudare shi. Idan ka shiga kanti ka ce “ina son sabulu biyu”, babu wanda zai ga rashin kunyarka, domin “ina so” a wurinmu bayyana buƙata ne kawai. Kamus kuma ya gaya wa ɗalibi cewa *vouloir* shi ne “so”, sai ya ɗauki *je veux* ya sa a gurbin “ina so”. Amma *je veux* yana ɗauke da nauyin ƙudurin da mutum ya riga ya yanke, wanda saura kawai a zartar masa. Shi ya sa a Faransa, idan yaro ya ce *je veux*, manya kan mayar masa da *le roi dit : nous voulons*, wato ko sarki ma cewa yake “muna so”, balle kai. Tun yana ƙarami ake koya masa ya ce *je voudrais*.

Ɗalibin ya nuna mini *s'il vous plaît* da ya sa a ƙarshe, yana ganin ai ya rufe ƙofar laifi. Wannan kalma tana da amfani, kuma asalinta ma sassauci ne, domin in aka warware ta, *si*, *il*, *vous*, *plaît*, ma'anarta “idan abin ya yi muku”. Sai dai yawan amfani ya sa ta zama kamar hatimi, ana manna ta a jikin umarni ma. Jami'in da ya tsare ka a hanya zai ce *vos papiers, s'il vous plaît*, kuma kai da shi kun san ba roƙonka yake yi ba. Ladabin roƙo a Faransanci yana zaune ne a cikin aikatau kansa. In aikatau ya fito da kaifi, abin da aka liƙa a bayansa ba ya dusashe shi sosai.

Siffar aikatau da ke wannan aiki ita ce kondisiyonel, wadda za ka gani a littattafan nahawu an rubuta *conditionnel*. Asalin aikinta shi ne faɗin abin da bai faru ba, wanda da zai faru da wani sharaɗi ya cika: *si j'avais de l'argent, j'achèterais une moto*, da ina da kuɗi da na sayi babur. Wannan “da” ɗin ita ce mabuɗin fahimtar komai, kuma mun riga mun san ta. Ka tuna yadda Bahaushe yake yi idan ya je neman alfarma wurin wanda ya girme shi. Ba ya cewa “ara mini motarka”. Cewa yake, “Alhaji, da za a taimaka mini da mota gobe, da na ji daɗi.” Ya ɗauke buƙatarsa daga duniyar abin da ya tabbata, ya ajiye ta a duniyar “da”. Alhaji yana iya cewa motar tana wurin bakanike ba tare da an ji kunya ba, domin ba a tsare shi da komai ba. To *je voudrais* haka yake: “da zan so”, da sharaɗi a ɓoye wanda ba a furta ba, wato “in zai yiwu”. *Pourriez-vous* kuma shi ne “ko za ku iya”, ko “da za ku iya”. Mai roƙo ya bar wa wanda ake roƙo hanyar fita, kuma wannan hanyar fitar ita ce ake ji a matsayin girmamawa.

Gina siffar ba shi da wuya ga wanda ya riga ya san lokaci mai zuwa. Ana ɗaukar saiwar lokaci mai zuwa, wadda kullum take ƙarewa da *r*, a ɗafa mata ƙarshen da ake sa wa shuɗaɗɗen lokaci mai ci, wato *-ais, -ais, -ait, -ions, -iez, -aient*. Daga *aimer* sai a sami *j'aimerais*, daga *souhaiter* a sami *je souhaiterais*. Aikatau da aka fi buƙata wajen roƙo su ne masu sauya saiwa, don haka gara a haddace su kamar yadda suke. *Vouloir* yana komawa *voudr-*, *pouvoir* ya koma *pourr-* da *r* biyu, *avoir* ya koma *aur-*, *être* ya koma *ser-*. Wanda ya riƙe *je voudrais*, *pourriez-vous*, *auriez-vous* da *serait-il possible*, ya sami abin da zai ishe shi mafi yawan hidimomin ofis, asibiti, banki da tasha.

Akwai haruffa biyu ƙanana da nake so mai koyo ya sa wa ido, domin su ne suke raba kondisiyonel da lokaci mai zuwa. Na farko shi ne *s* na ƙarshen *je voudrais*. Idan aka bar shi, aka rubuta *je voudrai*, an koma “zan so nan gaba”. A baki mutane da yawa ba sa bambanta su, har a cikin Faransawa, amma a rubuce ana gani, kuma kuskure ne da ke yawan fitowa a wasiƙun neman aiki. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka sauya *je* da *il* a ranka. In jimlar ta ba ka *il voudrait*, to da *s* za ka rubuta taka. In ta ba ka *il voudra*, babu *s*.

Na biyu ya fi muhimmanci, domin shi kunne yana jin sa. Shi ne *i* na *pourriez*. *Vous pourrez*, wanda ake furtawa kamar “pure”, lokaci mai zuwa ne. *Vous pourriez*, kamar “purye”, shi ne na roƙo. Wanda ya ce wa shugabansa *vous pourrez signer ce document demain*, musamman in muryarsa ba ta tashi a ƙarshe ba, ya tsara masa aikin gobe ne, kamar ya ce “gobe sai ku sa hannu”. Da ƙarin wannan ɗan wasali da sautin tambaya, *vous pourriez signer ce document demain ?*, maganar ta koma neman alfarma. Haka abin yake tsakanin *aurez* da *auriez*. Nakan sa ɗalibai su maimaita waɗannan tagwaye da babbar murya har sai bakinsu ya saba, domin wanda ya san ƙa'ida amma yake haɗiye wasalin, a kunnen mai sauraro daidai yake da wanda bai sani ba.

Yanzu mu bi ɗalibin nan zuwa ofis, mu ga yadda maganar za ta gudana in ya je da ƙafarsa. Abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne *bonjour, Madame*, sannan ya ɗan dakata ta amsa. Mu Hausawa ba ma buƙatar a koya mana gaisuwa, amma wani abu yakan faru idan muka shiga baƙon harshe: hankali yana kan jimlar da aka haddace, sai a zubo ta kafin a gaisa. A Faransa, wanda ya tunkari mai kanti ko ma'aikaci bai ce *bonjour* ba ya riga ya ɓata rawarsa da tsalle, kuma wani lokaci za a dube shi a ce masa *bonjour* da nauyi, a jira ya mayar kafin a saurare shi. Kondisiyonel ba ya gyara wannan. Idan ya tarar tana cikin wani aiki, sai ya ƙara *excusez-moi de vous déranger*, ku yi haƙuri na katse ku. *Vous* zai yi amfani da shi, kamar yadda muke cewa “ku” ga mutum ɗaya don girmamawa, ko da ta girme shi da kaɗan ne ko ma sa'arsa ce.

Daga nan sai buƙata: *je voudrais retirer mon relevé de notes de première année*. Yana iya cewa *j'aurais besoin de mon relevé de notes*, wanda ya fi *j'ai besoin* laushi kamar yadda *je voudrais* ya fi *je veux*. Wannan ya wadatar. Karɓar takardar sakamako haƙƙinsa ne, bayarwa kuma aikinta ne, don haka kondisiyonel ɗaya ya isa, ba sai an yi ta lanƙwasa ba.

A ce ta duba ta ce ba a sa hannu ba tukuna, ya dawo mako mai zuwa. Shi kuma ranar Juma'a ake rufe karɓar takardun neman tallafin karatu. A nan ne roƙon ya yi nauyi, domin yanzu yana neman abin da ya wuce tsarin da ta faɗa. Abin da zuciya za ta fara kawo masa shi ne *il faut me le donner avant vendredi*. Ina so in tsaya kan wannan *il faut*, domin a Faransancin da ake yi a titunan Afirka ta Yamma ya zama hanyar roƙo ta yau da kullum. Za ka ji *faut me donner*, *faut venir*, sau da yawa tare da *pardon* a gurbin “don Allah”, kuma tsakanin waɗanda suka saba babu mai jin zafinsa. Ban ɗauki wannan a matsayin gurɓataccen harshe ba, al'adar wurin ce, kuma tana aikinta a kasuwa da tasha. Amma ma'anar *il faut* a daidaitaccen Faransanci ita ce “wajibi ne”, kuma haka za a ji shi a Paris ko Brussels, haka nan a rubutacciyar wasiƙa ko a gaban babban jami'i ko a Yamai ne. Ɗalibi ba ya gaya wa ofis abin da ya wajaba a kansa.

Abin da ya dace ya ce shi ne: *Est-ce qu'il serait possible de l'avoir avant vendredi ? Je dois déposer mon dossier de bourse ce jour-là.* Jimla ta farko ta yi abu biyu. Ta sa buƙatar a kondisiyonel, sannan ta cire ma'aikaciyar daga cikinta gaba ɗaya. Bai ce “za ki iya” ba, ya ce “ko zai yiwu”. Wannan daidai yake da “a” ɗinmu ta “ko za a taimaka”, wadda ba ta nuna kowa da yatsa. In amsar a'a ce, tsari ne ya hana, ita ba ta ƙi ba, kuma mutum ya fi sakin jiki ya taimaka idan bai ji an ɗora masa laifin jinkiri ba. Jimla ta biyu kuwa ba ta da kondisiyonel ko kaɗan, kuma haka ya kamata. *Je dois déposer* gaskiya ce tsagwaronta: ranar Juma'a zai miƙa takardu. Wannan rabon aiki shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Roƙo ake sassautawa, amma dalili da kwanan wata ana faɗinsu a tsaye. Da ya ce *je devrais déposer mon dossier vendredi*, da ya raunana hujjarsa da kansa, domin ma'anar ta koma “ya kamata dai in miƙa”, kamar abin bai tabbata ba, sai ita ma ta ga babu gaggawa.

A ce kuma ta ce abin ba a hannunta yake ba. Yana iya tambaya, *vous ne sauriez pas à qui je pourrais m'adresser ?*, wato “ba ku san wanda zan iya tuntuɓa ba kuwa?” Korewar nan takan ba masu koyo mamaki, amma mu ma muna yi: “Ba ka da ɗan canji a nan?” Mai tambaya ya riga ya nuna ya shirya karɓar a'a, don haka bai matsa ba. Faransawa suna yawan haɗa ta da *par hasard*, kamar a *vous n'auriez pas un stylo, par hasard ?*, ko Allah ya sa kuna da alƙalami. Ƙananan kalmomi irin wannan suna da yawa, kuma mafi kusa da mu ita ce *petit*, wadda take aikin “ɗan” ko “'yar” tamu. *J'aurais une petite question* shi ne “ina da 'yar tambaya”, *un petit instant* shi ne “ɗan lokaci kaɗan”. Tambayar ba lallai ta zama ƙarama ba, ana rage mata nauyi ne a kunne. Akwai kuma dabarar mayar da buƙata baya, *je voulais vous demander*, wadda ta yi daidai da “da ma ina so in tambaye ku ne”, kamar son ya riga ya wuce kuma ba ya danne kowa yanzu.

Game da yadda ake gina tambayar kanta, hanya uku ce, kuma duka daidai ne. *Vous pourriez m'aider ?* da tashin murya kawai shi ne na hira. *Est-ce que vous pourriez m'aider ?* yana shiga ko'ina, kuma shi nake ba mai koyo shawarar ya riƙe a baki. *Pourriez-vous m'aider ?* da juya aikatau gaba ya fi dacewa da rubutu da manyan wurare. In kai ne mai neman izini, akwai *pourrais-je* da *puis-je*, amma babu *peux-je* a harshen sam.

Zaɓi tsakanin *pouvoir* da *vouloir* ma yana da tasiri. *Pourriez-vous* yana tambayar iko, don haka wanda ya ƙi yana iya fakewa da rashin hali. *Voudriez-vous* yana tambayar niyya, kuma ƙin amsa shi tamkar cewa “ba na so” ne, wanda ya fi wuyar faɗa. Saboda haka ya fi matsi, kuma an fi jin sa daga sama zuwa ƙasa. *Voulez-vous bien vous asseoir* magana ce ta malami ga ɗalibai. Ƙarami mai roƙon babba ya tsaya kan *pouvoir*.

Mu koma kan saƙon da aka fara da shi. Ga yadda muka sake rubuta shi:

*Madame, Monsieur,*
*Étudiant en deuxième année de géographie, je dois déposer un dossier de bourse le vendredi 14 mars. Je souhaiterais donc obtenir mon relevé de notes de première année. Vous serait-il possible de me le faire parvenir d'ici le jeudi 13 ?*
*Je vous remercie par avance et vous prie d'agréer, Madame, Monsieur, mes salutations distinguées.*

Kondisiyonel biyu ne kacal a ciki, *souhaiterais* da *serait*, ɗaya ga abin da yake so, ɗaya ga abin da yake nema a yi. Ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi dalili, ya sa rana da lamba maimakon “da wuri”. *Je souhaiterais* ya fi *je voudrais* zama a takarda, shi ya sa muka zaɓe shi. Wanda ya yi karatu a Nijar ko Kamaru ko Chadi ya san tsohuwar mabuɗar wasiƙar hukuma, *j'ai l'honneur de solliciter de votre haute bienveillance*, wadda har yanzu ake sa ran gani a takardar neman aiki ko neman izini da aka rubuta wa minista ko darakta. A wurinta tana da kyau. A saƙon imel na neman takardar sakamako ta yi girma, kamar sa babbar riga don zuwa sayen gishiri.

A rubutu ne tarkuna suka fi yawa, kuma wanda ya fi kama mutane shi ne na *si*. Mai koyo ya gane cewa kondisiyonel ladabi ne, sai ya rubuta *si vous pourriez m'envoyer le document, ce serait gentil*. Wannan kuskure ne da ake tsawata wa 'yan firamare a Faransa a kai. Bayan *si* ta sharaɗi, shuɗaɗɗen lokaci mai ci ake sawa, kondisiyonel ya zo a ɗaya ɓangaren: *si vous pouviez m'envoyer le document, ce serait très aimable*. Amma akwai wata *si* dabam, wadda ma'anarta “ko”, ta tambayar da aka saka cikin wata jimla, kuma ita tana karɓar kondisiyonel lafiya lau: *je voudrais savoir si vous pourriez me recevoir lundi*. A nan Bahaushe ya fi Bafaranshe sa'a, domin harshenmu ya raba su. Juya jimlar zuwa Hausa. In “idan” ko “da” ta fito, kada ka sa kondisiyonel bayan *si*. In “ko” ta fito, kana iya sawa.

Tarko na biyu shi ne kalmomin da suke kama da ladabi alhali umarni ne cikin riga mai kyau. *Veuillez* shi ne babbansu. Siffar umarni ce ta *vouloir*, kuma ita hukuma take amfani da ita ga jama'a: *veuillez patienter*, *veuillez présenter votre billet*. Ɗalibi yana ganin ta a allon banki da filin jirgi, sai ya ɗauka ita ce ƙololuwar girmamawa, ya rubuta wa malaminsa *veuillez corriger mon mémoire*. Ya ba malamin umarni ke nan. Wuraren da ƙarami yake amfani da ita ba tare da matsala ba su ne ƙayyadaddun maganganu irin *veuillez agréer* na rufe wasiƙa, *veuillez trouver ci-joint* na nuna abin da aka haɗo, da *veuillez m'excuser*. Haka *merci de* idan aikatau ya biyo ta kai tsaye. *Merci de répondre avant lundi* godiya ce a kan abin da ba a yi ba tukuna, wato an ɗauka dole za a yi. Shugaba yana rubuta wa ma'aikatansa haka, amma ba a mayar masa da ita.

Wanda yake son babbar siffa ta takarda yana da *je vous serais reconnaissant de bien vouloir*, mace ta rubuta *reconnaissante*. Akwai 'yar'uwarta, *je vous saurais gré de*, wadda ta fito daga *savoir gré*, don haka *saurais* ake rubutawa. Mutane da yawa suna gauraya su su rubuta *je vous serais gré*, kuma mai karatun da ya san harshen zai lura nan take. In kana shakka, ɗauki ta farko.

Kada kuma a ɗauka duk inda babu kondisiyonel akwai rashin ladabi. A gidan burodi, *bonjour, deux baguettes, s'il vous plaît* cikakkiyar magana ce, haka ma *je vais prendre un café*. *Pouvez-vous répéter ?* ba ta da aibi. Tsakanin abokai, *passe-moi le sel* ko *tu peux me prêter ton chargeur ?* su ne daidai, kuma wanda ya ce wa amininsa *aurais-tu l'amabilité de* zai sa ya yi zaton wasa ake yi ko fushi. Abu biyu ake aunawa: nisan da ke tsakaninku, da nauyin abin da kake nema. Aron biro daga abokin aiki ba ya buƙatar komai. Aron motarsa na kwana uku yana buƙatar *est-ce que ça te dérangerait de me prêter ta voiture ?* ko da kun shaƙu. A kula da amsar wannan tambaya, domin abin da aka tambaya shi ne “zai dame ka?”. Wanda ya ce *non, pas du tout* ya amince ke nan.

Siffar tana iya zama bulala ma, in murya ta sauya. *Vous pourriez faire attention !* ba tare da sautin tambaya ba faɗa ne, kamar “ai ka riƙa lura mana”. *Vous auriez pu me prévenir* zargi ne, “ai da kun sanar da ni”. *Vous devriez* shawara ce, kuma shawarar da ba a nema ba daga ƙarami zuwa babba tana da ɗaci a kowane harshe. Saboda haka ɗalibin da ya ce wa ma'aikaciyar *vous devriez le signer aujourd'hui* bai sassauta komai ba, duk da ya yi amfani da kondisiyonel.

Kuskuren da na fi tausaya wa mai yin sa shi ne na wanda ya koyi darasin ya wuce gona da iri. Ya tara *je me demandais si éventuellement il serait peut-être possible, si cela ne vous dérange pas trop*, har mai karatu ya kai ƙarshe bai san abin da ake nema ba, ko ya fahimci cewa abin ba na gaggawa ba ne ya ajiye shi gefe. A lura ma, *éventuellement* ma'anarta “in ta kama”, don haka tana ƙara wa maganar rashin tabbas. Alamar da za ka gane ka yi yawa ita ce idan ka karanta saƙonka ka kasa ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya da ta ƙunshi abin da kake so da ranar da kake so.

Wannan ya fi fitowa a lokacin tuni, idan an yi shiru ba a amsa ba, domin a nan ne mutum yake faɗawa ɗaya daga rami biyu, ko ya yi zafi ko ya narke. A ce ɗalibin ya tura saƙonsa ranar 3 ga Maris, har 10 ga wata babu labari. Zai buɗe da *je me permets de vous écrire à nouveau au sujet de ma demande du 3 mars*, wato na sake rubuto muku game da buƙatata ta ranar kaza. Sai ya faɗi halin da ake ciki da *sauf erreur de ma part, je n'ai pas encore reçu le document*. Wannan “in ba ni na yi kuskure ba” tana ba su damar gyarawa ba tare da an ce sun yi sakaci ba, alhali maganar rashin samun takardar tana nan a tsaye. Daga nan sai tambaya guda, mai sauƙin amsawa da i ko a'a: *La date limite étant le vendredi 14, pourriez-vous me dire si je peux passer le retirer jeudi matin ?* Ya rage musu aiki ta hanyar cewa zai zo da kansa, ya maimaita ranar, kuma kondisiyonel ɗaya tak ya yi amfani da shi, a kan *pourriez*. In ya isa ofishin ranar Alhamis da safe, zai fara da *bonjour, Madame*, ya jira ta amsa, sannan ya ce *je vous ai écrit lundi au sujet de mon relevé de notes, je venais voir s'il était prêt*, da ma na zo in duba ne ko ta fito.